Na makara wajen kai rahoton firjin rigakafi: me zan rubuta a amsar takardar tuhuma?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara, ni ke kula da rigakafin yara. Ranar Litinin da safe na tarar na'urar auna sanyin firji tana nuna alamar gargaɗi, wai a daren Asabar sanyin ya sauka ƙasa da sifili. Na duba tambarin jikin kwalabe na ga launinsa bai canza ba, sai na ɗauka lafiya lau. Ranar Talata na yi wa yara 23 allura. Ranar Laraba da azahar wata abokiyar aiki ta ce min tambarin nan ba ya nuna daskarewa. Tsoro ya kama ni, ban iya kiran jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ba sai Alhamis da safe. Yanzu an ba ni takardar tuhuma, in yi bayani cikin awa 48 kan dalilin jinkirin. A makon ogana yana wajen taron bita, ranar Litinin ɗin kuma sabis ya yi ta yankewa, sannan gurbin Lahadi a takardar rubuta sanyi babu komai don ba wanda ya zo. Wasu sun ce in kafa hujja da sabis, wasu sun ce in ce ban ga alamar ba sai Alhamis. Ba na son ƙarya, ba na kuma son in rubuta abin da zai raba ni da aikina. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin ki ɗauki biro, ki tabbatar da abu biyu a yau ɗin nan, in ba a riga an yi su ba. Na farko, duk kwalbar da ta kwana a firjin a daren Asabar a ware ta a leda ko kwali daban, a rubuta a jiki cewa kada a yi amfani da ita, a bar ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 har jami'i ya yanke hukunci. Kada ki zubar da ko guda, domin su ne shaida, kuma da su za a yi gwaji. Na biyu, ki buɗe rajista ki fitar da sunayen yaran nan 23, da irin allurar da kowane ya karɓa, da lambar rukunin maganin, da unguwarsu da lambar wayar iyaye in akwai. Wannan jerin ya fi duk wata jimla da za ki tsara amfani, kuma wanda zai karanta amsarki zai gane hankalinki yana kan yaran.

Shawarar cewa ba ki ga alamar ba sai Alhamis, ki ajiye ta gefe. Na'urar da ake sawa a firjin rigakafi tana riƙe bayanin kwana 30 a jere. Irin wadda aka fi rabawa tana tayar da alamar sanyi idan ya kai rabin digiri ƙasa da sifili ya daɗe a haka minti 60, alamar zafi kuma idan ya wuce digiri 8 na awa 10 a jere, kuma tana ajiye ranar da abin ya faru. Ke kuma ƙa'ida ta ce ki duba ta safe da yamma ki rubuta. Idan kika ce ba ki gani ba, jami'in zai aza na'urar kusa da takardarki ya ga rubutun hannunki na Litinin da Talata da Laraba. Daga nan ɗayan biyu ne: ko dai kin gani kin musa, ko kuma kwana uku kina cika takarda ba tare da kin kalli na'urar ba. Duk biyun sun fi jinkiri muni. Haka ma gurbin Lahadin nan. Ki bar shi fanko yadda yake. Idan kika cika shi yau da lamba mai kyau alhali na'ura tana nuna akasin haka, kin tashi daga makara kin koma jabun takardar aiki, kuma wannan shi ne irin laifin da ke raba mutum da aiki da gaske.

Maganar sabis ta fi wayo, domin gaskiya ce, shi ya sa ta fi haɗari. Ga yadda za ki auna kowane dalili kafin ki rubuta shi: ki tambayi kanki, da a ce wannan abin bai faru ba, da na kira a lokacin? Ki yi wa kanki adalci. Da sabis ya cika taf ranar Litinin, da ba ki kira ba, domin a zuciyarki kin riga kin yanke cewa maganin lafiyarsa ƙalau. Ke nan sabis bai hana ki komai ba. Sannan ko da ya hana, yini guda ya rufe, jinkirin kuwa kwana uku ne. Mai karatu zai yi wannan lissafin cikin ƙiftawar ido, ya tambaye ki Talata fa, Laraba fa? Da zarar hujja ɗaya ta rushe a gabansa, sauran abin da kika faɗa, har na gaskiyar, sai ya fara kallonsa da zargi. Tafiyar oganki ma haka take. Za ki iya ambatarta a jimla ɗaya don a san halin da asibitin yake ciki, amma ki haɗa da cewa kina da lambar jami'in ƙaramar hukuma kuma babu abin da ya hana ki kiransa kai tsaye.

To mene ne dalilin gaskiya? Ni dai da na karanta wasiƙarki, jinkiri biyu na gani, ba ɗaya ba, kuma kowanne da nasa sanadin. Daga safiyar Litinin zuwa azahar ɗin Laraba, abin da ya hana ki kira shi ne kuskuren fahimta. Daga azahar ɗin Laraba zuwa safiyar Alhamis, tsoro ne. Idan kika dunƙule su wuri guda, amsarki za ta fito a cakuɗe, ko ta yi kama da ɓoye-ɓoye. Idan kika raba su, kowa zai iya bin zaren.

Kashin farko yana da sauƙin faɗa, kuma duk wanda ya san aikin zai gane yadda aka yi kika faɗa ciki. Tambarin nan na jikin kwalba, murabba'i mai haske a cikin da'ira, zafi kaɗai yake aunawa. Yayin da magani ke shan zafi murabba'in yana duhu, in ya kai launin da'irar ko ya fi ta duhu sai a daina amfani da kwalbar. Sanyi ba ya taɓa shi ko kaɗan. Kwalba za ta daskare ta narke, tambarinta yana nan fes. Kuma ba kowane magani daskarewa ke lalatawa ba. BCG na tarin fuka da na ƙyanda da na shawara, waɗanda ke zuwa a gari, da na shan inna na ɗigawa a baki, ba su da matsala da ita. Waɗanda ke lalacewa su ne Penta mai kare yaro daga cututtuka biyar, da PCV na ciwon huhu, da na ciwon hanta, da Td na mata masu ciki, da na shan inna na allura, wato IPV. Yawancinsu suna ɗauke da wani sinadarin alminiyam da ke taimaka wa jiki ya amsa maganin, in ya daskare sai ya dunƙule, ƙarfin maganin ya ragu, kuma ba ya dawowa.

Wannan bayanin ba don ki cika takardarki da shi na kawo ba, jami'in ya fi mu saninsa. Na kawo shi ne don ki san ainihin abin da jinkirin ya jawo, saboda wannan ita ce jimlar da masu kare kansu ke tsallakewa, kuma ita mai karatu ke nema. Ana gane kwalbar da ta daskare da gwajin girgizawa: a ɗauki wata kwalba ta irin maganin da rukuninsa a daskarar da ita da gangan, aƙalla awa 10 har ta zama ƙanƙara, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a kalli yadda abin da ke cikinsu ke kwanciya a ƙasan kwalba. In ta zargin ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, ta lalace. In ta fi jinkirin kwanciya, tana da kyau. IPV kam wannan gwajin ba ya aiki a kanta. Ki duba lokacin da kyau: da kin kira Litinin da safe, da kwalbar gwaji ta kwana a firiza, da safiyar Talata an san sakamako, ko kuma a kawo miki wani maganin daga ma'ajiyar ƙaramar hukuma kafin iyaye su taru. Abin da jinkirin ya ci ke nan. Yara 23 sun karɓi allurar da ba a tantance ba. Mai yiwuwa gwaji ya nuna lafiya lau, Allah Ya sa haka. Mai yiwuwa kuma wasu sun koma gida da kati a cike amma kariyar ba ta cika ba, kuma Penta ita ce ke tsare yaro daga mashaƙo, cutar da muka ga ɓarnarta a Kano da maƙwabtanta a 2023. Ki rubuta wannan sakamakon da hannunki kafin wani ya karanto miki shi.

Kashi na biyu ne mai nauyi a baki. Mutane da yawa suna ganin rubuta "na ji tsoro" a takardar ofis kamar miƙa wuya ne. Ni a ganina ita ce jimlar da za ta sa a yarda da sauran. Akwai kusan awa 20 da kika san akwai matsala kika yi shiru, kuma akwai abokiyar aikin da ta san lokacin da ta faɗa miki. Wannan giɓin ba zai ɓoyu ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wani dalili da za ki ƙirƙiro don rufe shi, sai an nemi shaidarsa. Tsoro kuwa ba ya buƙatar shaida, duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san shi. Sai dai ki faɗe shi a jimla ɗaya, ki bi shi da cewa bai isa hujja ba, ki wuce. Kada ki shiga labarin yadda kika kwana ba barci, ko yadda jami'in yake da faɗa. Na farko roƙon tausayi ne, na biyu kuma juya laifi ne zuwa kan mai tuhuma.

Ga yadda zan tsara ta da ni ce. Na san da Turanci za ki miƙa, amma ki fara rubutawa da Hausa. A harshen da kike tunani da shi kin fi saurin jin inda kika fara kewaye-kewaye.

"Ranka ya daɗe. Na karɓi takardar tuhuma kan jinkirin sanar da alamar daskarewa a firjin rigakafi. Na amince cewa ya kamata in sanar ranar Litinin da safe, lokacin da na ga alamar, amma ban sanar ba sai ranar Alhamis da safe.

Ranar Litinin da na zo aiki na ga na'ura tana nuna cewa sanyi ya sauka ƙasa da sifili a daren Asabar. Na duba tambarin kwalabe na ga bai canza ba, sai na yanke cewa maganin yana da kyau. Wannan kuskure ne, domin tambarin ba ya nuna daskarewa, kuma a lokacin ban san haka ba. Shugaban asibiti yana wajen taron bita, amma ina da lambarka kuma ina iya kiranka.

Ranar Talata na gudanar da rigakafi da wannan maganin, yara 23 suka karɓa. Ranar Laraba da azahar na fahimci kuskurena. Ban kira nan take ba saboda tsoron abin da zai biyo baya. Wannan bai isa hujja ba. Na kira ranar Alhamis da safe.

Sakamakon jinkirin shi ne an yi wa yara allura kafin a yi gwajin girgizawa. Na ware sauran kwalaben, na haɗo jerin sunayen yaran da lambobin rukunin maganin tare da wannan takarda, kuma a shirye nake in bi su gida-gida bisa umarninka. Babu rubutun sanyi na ranar Lahadi, domin babu wanda aka ɗora wa duba firji a ƙarshen mako. Ina ba da haƙuri. Daga yanzu duk alamar da na gani zan kira ka a cikin awar, kafin in taɓa maganin. Ina kuma roƙon a koya mana gwajin girgizawa, a kuma tsara wanda zai riƙa duba firji Asabar da Lahadi."

Ki sa ainihin ranakun wata da ƙarfe nawa ne a kowane wuri. Wayarki za ta nuna miki lokacin da kika yi kiran Alhamis, ki kwafe shi daidai. Inda ba ki tuna minti ba ki ce "da misalin", kada ki ƙago lamba don ta yi kyau. Duk abin da na rubuta a sama da bai dace da abin da ya faru ba, ki gyara shi. Alal misali, in an taɓa koya muku batun daskarewa a wani taron bita kika manta, kada ki ce ba ki sani ba, ki ce kin manta, domin sunanki na cikin rajistar mahalarta. In kuma akwai jadawalin ƙarshen mako kuma ke ce a kai, to wannan ma ki faɗe shi yadda yake.

Ki lura da inda na ajiye kowane abu. Amincewa da jinkirin tana layin farko. Mutumin da ya buɗe takarda ya tarar da shafi guda na tarihin ƙwazonki da wahalar aikin ƙauye kafin a zo kan maganar, ya riga ya ɗaura ɗamarar musu. Matsalolin tsarin aiki, wato rashin horo da rashin mai duba firji ranar hutu, na kai su ƙarshe, na kuma mai da su roƙon gyara. Gaskiya ne su, kuma hakkinki ne ki faɗa, bai kamata ki haɗiye su don nuna ladabi ba. Amma in suka zo a gaba sai su zama garkuwa. Ki kuma kula da bakinki wajen "an samu jinkiri", "ba a samu damar kira ba". Wa ya yi jinkirin? Ki ce "na". Sannan duk inda kika rubuta "na yi kuskure amma", ki tsaya ki duba abin da ya biyo baya, yawanci janye amincewar kike shirin yi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da nake ji miki tsoro, don na ga alamarsa a wasiƙarki: ki wuce gona da iri wajen ɗaukar laifi. Tambayar da aka yi miki ita ce me ya sa kika makara. Ba a tambaye ki me ya sa firji ya daskare ba, kuma ba ki san amsar ba tukuna. Zai yiwu wani ya murɗa ma'aunin sanyin a lokacin zafi aka manta har hunturu ya shigo, zai yiwu kwalaben sun jingina da bango ko ƙasan firjin inda ya fi sanyi, zai yiwu firjin ne ke da matsala. Wannan aikin jami'in ma'ajiyar sanyi ne da mai gyara. In kin san wani abu tabbas a kai, ki faɗa in an tambaya. In ba ki sani ba, kada ki yi hasashe, kada ki ɗora wa kanki, kada ki ɗora wa wani. Haƙuri kuma sau ɗaya ya isa. Takardar da ke cike da "a yafe min, a rufa min asiri" tana sa mai karatu ya rasa bayanin da yake buƙata don ya yanke shawara kan yaran.

Wataƙila a kira ki ofis a yi magana baki da baki, kuma a nan ne mutane suka fi rushe abin da suka gina a takarda. Za a yi miki tambaya, ki amsa, jami'in ya yi shiru yana kallon fayil, sai ki ji dole ki cike shirun. A lokacin ne "kuma ma ai sabis babu" ke kuɓucewa. Ki amsa abin da aka tambaya ki tsaya. In ya ɗaga murya, ki bari ya gama, ki ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, ya kamata in kira Litinin." In aka tambaye ki wa ya faɗa miki batun tambarin, ki faɗi gaskiya, kuma ki sanar da abokiyar aikin tun yanzu cewa za ki ambaci hirarku in an tambaya, don kada ta ji daga sama. Ki sanar da ita kawai, kada ku zauna ku daidaita labari. Oganki ma ya ga amsar kafin ta fita, tunda ta hannunsa ya kamata ta bi.

Ba zan yi miki alkawarin cewa ba za a hukunta ki ba. Za a iya ba ki takardar gargaɗi, ta zauna a fayil ɗinki. Amma ki riƙe abin da ke hannunki: ke kika kai rahoton da kanki, ba kama ki aka yi ba, kuma takardunki ba a taɓa su ba. In maganar ta kai gaban kwamitin ladabtarwa, ki nemi wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan lafiya ya raka ki.

Batun ko za a sake yi wa yaran allura, da yadda za a yi wa iyaye bayani, hukuncin jami'an ƙaramar hukuma ne bayan gwaji. Kada ki fara zagayawa ke kaɗai kina faɗa, domin magana kan rigakafi in ta fita ba tsari tana iya korar unguwa guda daga asibiti. Kada kuma ki bari a binne ta. In kwana biyu suka wuce ba ki ji komai ba, ki kira ki tambayi sakamakon gwajin da abin da za a yi da jerin sunayen. Kafin nan, duk uwar da ta dawo da yaro da kumburi ko maruru a wurin allurar, ki rubuta ki sanar a ranar, domin maganin da ya daskare yakan ƙara yawan irin wannan.

Ki miƙa amsar kafin awa 48 ɗin su cika, gara ma da sauran yini guda. Ki yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naki, ki ɗauki hoton takardar sanyin da fuskar na'urar yadda suke a yau, ki ajiye su tare.